Kokon da na sa aka dama wa Dada kafin in faɗa mata

Ni ce 'yar farin Dada, shi ya sa har yau da na fara ajiye jikoki ban taɓa jin sunana a bakinta ba. "Ke" take ce mini, in kuma da baƙi a ɗakin ta ce "ta Pantami". Duk wanda ya tashi a gidan Fulanin Gombe ya san irin wannan kunya. Hirarmu ba ta tsawo, ba ma haɗa ido sosai. Amma sau biyu mutuwa ta ɗauki ɗan'uwanta na ciki ɗaya ina da hankalina, kuma duka biyun ni ƙannena suka zuba wa ido su ji yadda za a yi da ita. Na farkon na ɓata shi da hannuna.

Su bakwai aka haifa a ɗakinsu. Lokacin da nake ba da labari saura uku: yayarta da muke kira Inna ta Kumo, sai Dada, sai autansu, Kawu na Bauchi. Inna ta rasu Dada tana da mako guda da fitowa daga asibiti, hawan jini ya kayar da ita a bakin murhu. Tsoro ya sa na ce kada a gaya mata sai ta ƙara jin ƙarfi. Muka karɓe wayarta muka ce tana wurin gyara. Muka riƙa zuwa Kumo zaman makoki bi da bi, kowa ya dawo ya wanke fuska a zaure kafin ya shiga gaishe ta. Mun ɗauka dabara muke yi.

Rana ta huɗu wata tsohuwa da suka yi zaman unguwa ɗaya tun suna amare ta dogaro sandarta ta shigo. Ba wanda ya tuna da ita a cikin waɗanda muka ja wa kunne. Ta zauna, ta ce, "Ya muka ji da haƙuri? Ashe mai Kumo lokaci ya yi." Ina tsakar gida ina jin ta.

Dada ba ta faɗi ba, ba ta suma ba, jinin da muke tsoro bai yi mata komai ba a ranar. Ta amsa gaisuwar kamar ta san da zancen, don kada ta kunyata mu a gaban baƙuwa. Sai da matar ta tafi ta sa aka kira ni. Ta ce, ba tare da ta kalle ni ba, "Mun yi alkawari da ita, wadda ta riga wata, ɗayar za ta tsaya a kan wankanta. Kumo ko awa ɗaya ba ta kai ba. Kun kai ta, kun yi uku, ina nan ina tambayarku ko an gyara waya." Daga nan ta juya fuska bango. Ta fi wata biyu gaisuwa kawai ke haɗa mu. Abin da ya fi ci mini rai shi ne daga ranar ta daina yarda da "lafiya lau" ɗinmu. In wani ɗanta ya kwana biyu bai leƙo ba, sai ta aiki jika a ɓoye ya je ya gano da idonsa.

Shekara shida bayan haka, cikin hunturu, wayata ta yi ƙara da ƙarfe 11:30 na dare. Babban ɗan Kawu ne. Ban bari ya gama sallama ba na san ko mene ne, don ba a kiran mutum a wannan lokaci a tambaye shi ya yara.

Sai na faɗi wane ne Kawu a wurin Dada kafin a gane nauyin abin. Mahaifiyarsu ta rasu yana shekara uku, Dada ce ta goye shi, da shi ta tare a gidan mijinta. Ƙane ne a suna, ɗa ne a zuciya, kuma shi babu kunyar ɗan fari tsakaninsu, da shi take dariya har haƙoranta su fito. Tela ne a kasuwar Wunti. Da aka cire Gombe daga jihar Bauchi a 1996 mutanenmu da yawa suka tattaro suka dawo gida, shi ya ce kekensa ya saba da ƙasar can. Ya riƙa tsokanarta wai yanzu ita baƙuwa ce, sai ta nemi izini kafin ta shigo musu jiha. Duk Juma'a bayan an sauko masallaci yana kiran ta. Duk Sallah ɗinkinsa take sawa. Ya jima yana fama da ciwon ƙoda, ta sani, ta je duba shi wata biyu kafin nan.

Tambayar farko da na yi wa ɗansa, tun kafin in yi kuka, ita ce ƙarfe nawa za a yi jana'iza. Ya ce sun tsayar da 9 na safe. A nan ne duk lissafin yake, kuma shi ne abin da ban gane ba a karon farko. Mu ba ma ajiye gawa. Wanda ya rasu da dare, kafin rana ta take an kai shi. Saboda haka mai neman "lokacin da ya dace" ya gaya wa tsoho rasuwa, ba kwanaki ne a hannunsa ba, sa'o'i ne, kuma iyakarsu ita ce lokacin da za a ɗaga makara. In ya wuce nan, ya riga ya yanke wa tsohon hukunci cewa ba zai yi sallama da ɗan'uwansa ba. Daga Gombe zuwa Bauchi, da tsohuwa a mota da yanayin hanya, sai a ware awa biyu da rabi zuwa uku. Na roƙe shi su ƙara mana zuwa 11. Ya ce sai ya tambayi manya. Bayan minti goma ya kira ya ce sun amince, amma ba za su wuce haka ba, kuma ban ga laifinsu ba, gaggauta jana'iza shi ne sunna.

Na ƙara yi masa wasu tambayoyi da shi kansa ya yi mamakinsu. Da ƙarfe nawa daidai ya cika? A gida ko a asibiti? Wa ke kansa? Ya sha wahala? Ya bar wata magana? Na san Dada za ta tambaya, kuma ban so in tsaya ina "wallahi ban sani ba" a gabanta. Sannan na ce ya roƙi mahaifiyarsa da duk 'yan gidan kada kowa ya kira wayar Dada sai na ba su izini.

Sai muka shiga gardama da ƙannena a waya har wajen ƙarfe 1. Ƙanwata da ke aure a Kaduna ta ce a bari sai an yi uku, shekarun Dada 78, ga hawan jini ga ciwon suga. Na tuna mata da Kumo, ta yi shiru. Ƙanena, wanda Dada ke zaune tare da shi a gidanmu na Herwagana, ya kawo shawarar da yawancin mutane ke bi: a ce mata jikin Kawu ya tashi, a ɗauke ta a mota da sunan dubiya, in an isa sai ta gani. Na san wannan dabara, an yi wa mutane da yawa ita. Amma ku duba yadda take ƙarewa. Tsohuwa ta yi awa uku a mota tana addu'ar Allah ya ba shi lafiya, wataƙila har ta sa a tsaya a Alkaleri a saya masa lemo. Mota ta karyo kwanar layi, ta hango rumfa da tabarmi da maza jere a ƙofar gida. A tsaye za ta ji, ƙafa ɗaya a mota ɗaya a ƙasa, a gaban mutum ɗari, ba mai riƙe ta. Duk abin da ake gudu, a nan ya fi samun wurin faruwa. Na ce a'a. A ɗakinta za ta ji, a zaune, daga bakin ɗanta.

Ƙanena ya ce to a tashe ta yanzu ke nan? Nan kuma ni ce na ja baya. Na kira wata maƙwabciyarsu ma'aikaciyar jinya, wadda ita ke auna Dada duk mako, muna ce mata Sista. Maganarta gajera ce. Ta ce tsohuwar da aka tasa daga barci tsakar dare a rikice take tashi, in ta miƙe da sauri jiri na iya kwashe ta, kuma babu abin da za ta iya yi da labarin kafin gari ya waye sai zama cikin duhu da shi. In wani abu ya same ta, neman mota da likita da ƙarfe 2 na dare ba kamar na safe ba ne. Ta ce a bari ta yi asuba, ta karya, ta sha maganinta kamar kullum. Ta ja kunnena a kan abu biyu: kada a ƙara mata ƙwayar hawan jini wai don kariya, jinin na iya sauka fiye da kima ta faɗi, kuma kada a ba ta maganin barci don a kwantar mata da hankali. Ta ce karyawar ta fi komai muhimmanci, domin mai shan maganin suga in ya ji mummunan labari abinci ne farkon abin da yake ƙi.

Saura toshe ƙofofin da labari ke shigowa. A zamanin Inna ta Kumo tsohuwa mai sanda ce ta shammace mu. Yanzu ƙofofin sun fi haka yawa. Kafin ƙarfe 12 wani jikan Kawu ya riga ya ɗora hotonsa a WhatsApp da addu'a a ƙasa, kuma yaran gidanmu sun gani. Ƙanena ya bi su ɗaki ɗaki ya ce ba mai shiga wurin Dada da safe sai an kira shi. Wayarta tana caji a falo, aka bar ta can a kashe. Ina sane da cewa wannan ita ce dabarar da na yi a da, bambancin kawai wancan kwana huɗu ne, wannan awa bakwai. Sai masallacin unguwa: ɗakin Dada yana jin lasifika tar, kuma al'ada ce in an sallame asuba a sanar da rasuwa. Na ce wa ƙanena ya yi sallarsa ya fito, kada ya gaya wa liman sai hantsi.

Ban runtsa ba. Na kwana ina juya kalmomi a baki kamar mai haddar allo. Hausa tana da hanyoyi da yawa na kewaya mutuwa: jiki ya yi tsanani, sai dai haƙuri, an yi rashi, rai ya yi halinsa, wa'adi ya cika, ya riga mu gidan gaskiya. Duk masu kyau ne a wurin ta'aziyya. Amma a bakin mai kawo labari wasunsu suna barin ƙofa a buɗe. In na ce "sai dai haƙuri", za ta tambaye ni haƙurin me, in koma in sake. In na ce "jikin ya yi tsanani", na yi ƙarya, don babu sauran jiki. Na tsayar da jimla biyu. Ta farko ta sanar da ita cewa abu mai nauyi na tafe, don zuciya ta ɗan shirya. Ta biyu ta ƙunshi sunansa da kalmar rasuwa, ba kwana. Tsakaninsu numfashi ɗaya ko biyu, ba dogon wa'azi ba. Na sha ganin yadda ake zaunar da mutum a yi ta jawo masa ayoyi da "duk mai rai mamaci ne" minti goma, shi kuwa yana zaune yana lissafa 'ya'yansa ɗaya bayan ɗaya yana neman wanda aka rasa. Wannan jiran azaba ce. Shi ya sa ma ban nemi malami ba, ko da yake mijina ya ba da shawarar haka. Ganin malami a ɗakinta da sassafe kaɗai ya isa ya gaya mata an yi mutuwa, ba tare da ya gaya mata ta wa ba.

Ni ma kaina haka ne. 'Yar fari ba ta zuwa daga Pantami da duku-duku don gaisuwa kawai. Kuma in ta gan ni za ta ce "Lafiya?", ni kuwa na yi wa kaina alkawari ba zan sake ce mata "lafiya lau" a kan gawa ba. Don haka da mijina ya sauke ni wajen ƙarfe 6 saura, ban shiga wurinta ba. Na zauna a madafa, ina jin muryarta tana lazimi. Matar ƙanena ta dama koko, aka sayo ƙosai a bakin layi. Idonta ya kumbura, sai muka ba wata 'yar ƙanena mai shekara shida, wadda ba ta san komai ba, ta kai. Ina zaune a kan turmi ina jin ƙarar ludayi a kwano. Ban taɓa jin kaina munafuka kamar a wannan lokaci ba. Uwata tana shan koko tana yi wa jikarta wasa, ƙanenta yana kwance an rufe shi da zane, ni kuma ina ƙirga ludayi.

Da ta sha maganinta Sista ta shiga da abin awo kamar ta biyo ne kafin ta wuce aiki. Jinin ya nuna 148/86. Ta fito ta gyaɗa mini kai, ta tsaya a tsakar gida. Na aika aka ɗauko aminiyar Dada da ke bayan gidanmu, wadda muke kira Goggo, na gaya mata a zaure, na jira ta share hawayenta. Mu uku muka shiga: ni, ƙanena, da Goggo. Ƙarfe 6:45.

Dada tana kan darduma, ta miƙe ƙafa, bayanta jingine da gadon ƙarfenta, carbi a hannu, ta lulluɓa da mayafi saboda sanyi. Haka na so in same ta, a ƙasa, inda ko jiki ya saki babu inda za ta faɗa. Kaskon wuta yana gefen ƙafarta da garwashi ja. Ƙanena ya ɗauke shi ya fitar ba tare da ya ce komai ba, ya saki labule. Ta bi kaskon da ido, ta dubi Goggo, ta dube ni. Carbin ya tsaya.

Na durƙusa ta damanta, don kunnen hagu ya yi nauyi. Ban taɓa zama kusa da ita haka ba tun ina yarinya. Na gaishe ta, ta amsa a gajarce, ta ce, "Ke, lafiya da sassafen nan?"

Na ce, "Dada, labari na kawo daga Bauchi, kuma mai nauyi ne."

Ta ce, "Jikin Auta ne?"

Na ce, "Allah ya yi wa Kawu rasuwa jiya da dare."

Duk haddar da na kwana yi, muryata ta maƙale, maganar ta fita ƙasa-ƙasa. Ta karkato kunne ta ce, "Me kika ce?" Sai da na sake faɗa, da ƙarfi, kalma kalma. Wannan maimaitawar ta fi ta farko ciwo, kuma laifina ne. Mai gaya wa tsoho irin wannan labari ya ɗaga murya tun a karon farko.

Ta ce, "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un." Ta sake faɗa. Ta sake. Daga nan shiru. Na riga na roƙi ƙanena da Goggo kada kowa ya cike shirun nan da "a yi haƙuri", don haƙurin ba a tura wa mutum shi kafin labarin ya gama sauka. Ban san tsawonsa ba, a raina ya kai shekara. Ina kallon bakinta ko zai karkace, ina kallon hannunta ko carbin zai suɓuce, ina sauraren numfashinta. Waɗannan Sista ta ce in lura da su: baki ya karkace, hannu ko ƙafa ɗaya ya saki, magana ta sarƙe, ko ta dafe ƙirji tana neman iska. Ko ɗaya aka gani, asibiti za a nufa ba Bauchi ba. Motar tana ƙofar gida, an juya kanta waje.

Sai tambayoyin suka fara zuwa, kusan yadda na zata. Da ƙarfe nawa? Na ce 11 saura kwata. A ina? A ɗakinsa. Wa ke kansa? Matarsa da babban ɗansa. Ta ce, "Ya samu kalmar shahada?" Nan zuciyata ta ce in ce e kawai, wa zai ƙaryata ni. Amma za ta isa Bauchi ta tambayi matarsa. Na ce, "Abin da aka gaya mini, ya yi isha'i a zaune, kuma sun ji yana salati kafin numfashin ya canza." Ta gyaɗa kai ta ce, "Alhamdu lillahi."

Ta ɗan jima, sannan ta yi tambayar da na san tun daga Kumo take ɗauke da ita. Ba ta dube ni ba. Ta ce, "An kai shi?"

Na ce, "Ba a kai shi ba, Dada. Ke suke jira. Sai 11."

A nan ne ta yi kuka. Ba ihu, ba faɗuwa, hawaye ne kawai suke bin kumatunta suna sauka a mayafi, tana cewa, "Ni na goye shi. Ni ya kamata ya kai." Goggo ta matso ta riƙe ta. Wata maƙwabciya da ta ji motsi ta leƙo tana cewa a daina kuka ba kyau, Goggo ta ce mata Manzon Allah ma ya zubar da hawaye ranar da ɗansa Ibrahim ya rasu, abin da aka hana shi ne kururuwa da yage tufafi. Matar ta ja bakinta.

Sista ta sake aunawa bayan kamar minti 20, ya hau 172/94. Ta ce ba abin mamaki ba ne, a bar ta ta zauna, ta sha ruwa. Ta gaya mana iyakarta: in ya kai wajen 180/120, ko ciwon kai mai tsanani ya zo, ko gani ya dushe, babu tafiya. Da aka sake ya sauko 160/90. Ban ce wa Dada "za mu kai ki" ba, tambayar ta na yi ko za ta iya hanya. Ta ce, "Ɗauko mini mayafina baƙi." Muka tashi 7:30.

Mun wuce Alkaleri ba wanda ya yi magana. Wajen gadar Dindima ta ce, "Yaushe kuka ji?" Na ce tun 11:30 na dare. Ta ce, "Kika bar ni na yi barci." Na ce, "Na bar ki, Dada." Ta ce, "Na tashi nafila ƙarfe 3. Lafiya na roƙa masa." Ba ta ƙara ba, ni ma ban kare kaina ba. Har yau in na tuna wannan magana sai in ji wani abu ya tokare ni. Na san dalilaina, kuma in aka mayar da ni daren nan ina jin abin da zan sake yi ke nan. Amma awa bakwai ɗin nan ma wani abu na ɗauke mata, ba kyauta na same su ba.

Mun isa an gama wanka an sa shi a likkafani, ba a ɗaure fuska ba. Aka fitar da kowa daga ɗakin. Ta zauna a gefensa, ta ɗora hannu a goshinsa, ta yi masa addu'a, ta ce ta yafe masa duniya da lahira, shi ma ya yafe mata dukan da ta yi masa yana yaro. Minti biyar ne ko shida. Maza suka shigo suka ɗauka.

Kuskuren da na yi a wannan karon ya zo ne daga baya. Duk hankalina na tattara a kan sa'ar faɗa, na ɗauka in ta wuce lafiya an tsira. A zaman makoki Dada ce babba, kowa wurinta yake zuwa. "Ya haƙuri?" "Da godiya." Tun safe har dare. Ana kawo abinci daga maƙwabta kwano kwano, ana ajiyewa a gabanta, kowa ya ɗauka wani ya ga ta ci. Ni kuma ina ba ta ƙwayoyinta a kan lokaci, ina jin na cika aiki. Rana ta biyu da la'asar na ga gumi yana keto mata cikin wannan sanyi, hannunta na rawa, ta kira ni da sunan Inna ta Kumo. Mata suka fara cewa baƙin ciki ne ya taɓa ta, wata ta ce a kawo rubutu. Wata jikar Kawu da ke karatun jinya ta ɗauko abin awon suga na gidan, ya nuna 3.2, kuma duk abin da ya gaza 4 ya yi ƙasa. Tun kokon jiya da safe, ashe, ban da ruwa da goro ba abin da ya shiga cikinta. Tunda tana iya haɗiya, aka dama suga cokali uku a ruwa aka ba ta, bayan kwata ɗin awa ta dawo hayyacinta, aka bi da kunu, muka kai ta aka duba ta a daren. Daga ranar na daina tambayar "ta ci?", sai in zauna da kwano a gabanta har in ga ƙasansa.

Ba na cewa kowane tsoho haka za a yi masa. Kakar mijina ta rikice da tsufa, an gaya mata rasuwar ƙanwarta sau ɗaya, ta yi kuka, ta manta, washegari ta tambaya ina take. Masu gidan suka daina maimaita mata, don kullum sabuwar mutuwa ce a wurinta. In ta tambaya sai su ja ta da hirar ƙuruciyarsu. Wanda kuma yake kwance rai a hannun Allah, likitansa ne zai ce ga lokacin da zai iya ɗauka. Amma Dada da hankalinta garau, hawan jini da suga ne kawai, kuma wannan shi ne halin yawancin iyayen da muke ɓoye wa.

Bayan arba'in ɗan Kawu ya kawo mata wata atamfa da aka samu a shagon, an yanka ba a haɗa ba, da awonta a rubuce a jikin takarda da hannunsa. Ta hana a kai wa wani tela. Tana cikin akwatinta yadda aka kawo ta. Ranar Juma'a in an sauko masallaci takan ɗora wayar a cinya, ba ta cewa komai, mu ma ba ma cewa. Ƙanena ya fara kiran ta a wannan lokacin daga kasuwa, ko da yake da yamma gida ɗaya za su kwana.

Yanzu shekarunta 80, ita kaɗai ta rage a cikin bakwai. Har yau ba ta kiran sunana, amma in na je takan matsa mini wuri a kan dardumar, ta damanta. Abu ɗaya ne ya canza a gidan. In aka kawo mata koko da wuri fiye da yadda aka saba, ba ta taɓa ludayin. Sai ta dubi wanda ya kawo ta ce, "Wa ya mutu?" Rannan ni na kai mata, na ce ba kowa, gasarar ce ta samu da wuri. Ta ce in lissafo mata su. Na fara daga ta Kaduna da yaranta, na bi ta Bauchi gida gida, na gangaro Kumo, na dawo Herwagana. Da na gama ta ce na tsallake mijina. Na ce yana nan lafiya, shi ya kawo ni, yana zaure. Ta ce a ce ya shigo ta gan shi. Sai da ya durƙusa ya gaishe ta sannan ta jawo kwanon.